Yadda ake haɗa allon duba ciniki a Excel ga ɗan kasuwa mai rassa da yawa

Allon duba ciniki shafi ɗaya ne a kwamfuta wanda mai dukiya zai kalla ya san abin da ya shigo, da kayan da suka fi tafiya, da reshen da ya ja baya, ba tare da ya buɗe littafi ko ɗaya ba. Masu koyo sun fi ɗokin zane da launi, amma mafi yawan aikin yana wajen shirya bayanai da shigar da su, domin zane yana maimaita abin da aka ba shi ne kawai, ko daidai ko kuskure. Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe: ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari, shinkafa da mai da sukari da taliya da sabulu, wanda babban kantinsa yake Tawa, yana kuma da reshe a Ƙonni da wani a Madawa. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, domin a ga yadda lissafin yake tafiya.

Kayan aiki

Ana bukatar kwamfuta mai Windows da Excel na 2016 ko wanda ya biyo bayansa, saboda daga wannan sigar ne aka haɗa Power Query a cikinsa, wato sashen da yake ɗauko bayanai ya tsabtace su. Mai Excel na 2010 ko 2013 sai ya sauko da Power Query daban ya ɗora. Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da Faransanci suke, shi ya sa zan rubuta sunayen maɓallai kamar yadda suke fitowa a Excel na Faransanci. Bayan wannan ana bukatar bayanan cinikin kowane reshe, wata-wata, a fayil irin na CSV ko na Excel, da jerin kayan kanti mai ɗauke da lambar kowane kaya, da littafin mai ajiyar kuɗi na wasu ƴan kwanaki wanda za a gwada sakamako da shi. A tanadi takarda da alƙalami kuma, domin da su za a fara.

Mataki na 1: Rubuta tambayoyin mai dukiya

Kafin ka buɗe Excel, zauna da mai kanti ka tambaye shi abin da yake son sani duk safiya ko duk ƙarshen wata, ka rubuta da kalmominsa. A misalinmu tambayoyi huɗu ne: cinikin bana ya fi na bara ko bai kai ba, wane kaya ne yake kawo kuɗi da riba, wane reshe ne yake gaba, kuma nawa ne yake fita bashi. Kowace tambaya za ta sami zane ɗaya. Duk zanen da ba ka iya faɗin tambayar da yake amsawa, kada ka sa shi a allo.

Mataki na 2: Daidaita yadda rassa suke rubuta ciniki

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Ƙa'idar ita ce kowane layi ya ɗauki sayarwa ɗaya ta kaya ɗaya, kowane ginshiƙi kuma ya ɗauki abu iri ɗaya daga sama har ƙasa. Idan mai saye ya ɗauki shinkafa da sukari a rasit ɗaya, layi biyu ke nan. Ga yadda layukan za su kasance a fayilolin rassa:

```
Rana;Reshe;Lamba;Yawa;Farashi;Sari;Biya
03/04/2025;Tawa;SH25;40;14500;13800;Hannu
03/04/2025;Konni;SK50;10;31000;29500;Bashi
```

Farashi shi ne kuɗin da aka sayar da guda ɗaya, Sari kuma kuɗin da aka sayo shi a lokacin. Dole kuɗin sari ya zauna a layin sayarwa, saboda yana canzawa, kuma idan aka lissafa ribar Janairu da kuɗin sarin Yuni, ribar da za ta fito ba ta taɓa shiga aljihun kowa ba. Sunayen ginshiƙai kuma a bar su gajeru, babu haruffa masu lanƙwasa, domin za a rubuta su a cikin dabarun lissafi, kuma su zama iri ɗaya harafi da harafi a dukkan rassa.

Abubuwan da suka fi ɓata wannan mataki sanannu ne. Akwai mai rubuta jimillar rana a ƙasan layukan ranar, sai kwamfuta ta ɗauki jimillar a matsayin wata sayarwa, ciniki ya ninka biyu. Akwai mai rubuta 14 500 F da tazara da harafi, sai Excel ya ɗauke shi rubutu ya ƙi tara shi. Akwai kuma wanda bakinsa ya saba da lissafin dala, sai hannunsa ya bi bakinsa ya rubuta 200 a wurin da ya kamata ya rubuta 1000, tun da dala ɗari biyu ita ce jaka ɗaya. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, illa dai cinikin wannan layin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar. A gaya wa kowa cewa adadin da ke jikin takardar kuɗi shi ake rubutawa. Reshen Ƙonni yana da tasa matsalar, domin yana bakin iyaka kuma wani lokaci ana karɓar naira: a mayar da kuɗin zuwa sefa da canjin ranar kafin a rubuta, kada kuɗi iri biyu su haɗu a ginshiƙi ɗaya. Kayan da aka dawo da su a rubuta su a sabon layi da alamar ragi a Yawa, misali -2, maimakon a goge layin farko.

Dalilin amfani da lambar kaya maimakon suna shi ne hannun kowa da irin rubutunsa. Wani zai rubuta Shinkafa 25kg, wani Chinkafa 25 kg kamar yadda ya koya a makaranta, wani kuma Riz 25, sai kaya ɗaya ya fito a zane a matsayin kaya uku, kowanne da ɗan ƙaramin ciniki. Lamba kamar SH25 ita ke maganin wannan. Sunan kaya da rukuninsa za su zauna a jeri guda mai suna Kaya, wanda mutum ɗaya kawai yake gyarawa.

Mataki na 3: Shigar da bayanai daga folda

Mai koyo yakan kwafi bayanan kowane wata ya liƙa a ƙasan na watan jiya, a shafi ɗaya. Wannan yana tafiya na ɗan lokaci, amma a duba lissafi: idan kowane reshe yana rubuta layi 300 a rana, kwana 26 a wata, rassa uku za su ba da layi 23,400 a wata, wato 280,800 a shekara. Shafin Excel ba ya wuce layi 1,048,576, saboda haka kafin shekara huɗu ta cika ya cika maƙil, kuma tun kafin nan fayil ɗin zai yi nauyin da buɗe shi ma aiki ne, musamman idan kowane layi yana ɗauke da dabarar lissafi. Hanyar da ta fi ita ce a bar fayilolin a wurinsu, Excel ya je ya karanta su.

Buɗe folda ɗaya, misali C:\Ciniki\Bayanai, ka zuba dukkan fayilolin wata-wata a ciki da suna mai tsari, kamar 2025-04_Tawa.csv. Kada ka ajiye komai a wannan folda sai su. Sannan ka buɗe sabon fayil na Excel, wanda shi ne zai zama allon, ka ajiye shi a wajen wannan folda, ka bi Données, Obtenir des données, À partir d'un fichier, À partir d'un dossier, ka nuna foldar, ka zaɓi Combiner et transformer les données. A tagar da za ta fito, tabbatar cewa alamar raba ginshiƙai ita ce Point-virgule, domin da ita Excel na Faransanci yake ajiye CSV. Idan ka ga dukkan bayanai sun cushe a ginshiƙi ɗaya, alamar ce ba daidai ba. Idan kuma haruffa irin ƙ da ɗ sun koma wasu alamomi marasa ma'ana, duba Origine du fichier ka mayar da shi 65001 : Unicode (UTF-8), muddin da wannan tsari aka ajiye fayil ɗin tun asali.

Daga nan Power Query zai buɗe da dukkan watanni a jere. Sa wa wannan jeri suna Sayarwa, sannan ka yi gyara bi da bi. Fara da cire ginshiƙan da babu tambayar da take bukatarsu, irin sunan mai saye da lambar wayarsa da sa'ar da aka buga rasit. Ginshiƙin da kusan kowane layinsa daban yake da na sauran shi ne ya fi ƙara wa fayil nauyi, domin Excel yana matse bayanai ne ta hanyar abubuwan da suke maimaituwa. Amma ka bar ginshiƙin Source.Name, wanda yake nuna fayil ɗin da kowane layi ya fito, saboda za mu nemi taimakonsa wajen bincike. Bayan haka ka zaɓi ginshiƙan rubutu ka yi musu Supprimer les espaces, domin tazarar da ba a gani a ƙarshen kalma tana iya raba reshe ɗaya gida biyu.

Kwanan wata yana bukatar kulawa ta musamman. A wurinmu 03/04/2025 yana nufin 3 ga Afrilu, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris. Alamar wannan cuta ita ce ranakun da suka wuce 12 ga wata su fito da Error, sauran kuma su shige shiru su faɗa watan da ba nasu ba. Maganinsa shi ne ka danna ginshiƙin Rana da maɓallin dama, ka bi Modifier le type, Utilisation des paramètres régionaux, ka zaɓi nau'in Date da Français (France). Da haka fayil ɗin zai karanta kwanan wata daidai ko a wace kwamfuta aka buɗe shi. Yawa da Farashi da Sari kuma a mayar da su lambobi.

Yanzu sai lissafi. A Ajouter une colonne, Colonne personnalisée, ƙirƙiri ginshiƙi biyu, Kudi da Riba:

```
Kudi = [Yawa] * [Farashi]
Riba = [Yawa] * ([Farashi] - [Sari])
```

Sunan yana shiga akwatin sama, lissafin kuma akwatin ƙasa, kuma da ka gama ka mayar da nau'in su biyun lamba, in ba haka ba, za su isa allo a matsayin rubutu. Daga ginshiƙin Rana ka fitar da Shekara da Wata ta maɓallin Date da ke wannan sashe, ka bar wata a lamba, 1 zuwa 12, domin sunayen watanni suna iya jeruwa bisa haruffa, août ya riga janvier. Sai ka shigo da jerin Kaya shi ma, ka haɗa shi da Sayarwa ta Fusionner des requêtes a kan ginshiƙin Lamba, da nau'in haɗi Externe gauche, ka ɗauko suna da rukuni. Duk layin da sunansa ya fito null, lambarsa ba ta cikin jerin Kaya. Kada ka goge irin waɗannan layuka, domin kuɗi ne na gaske da aka karɓa. Gyara lambar a fayil ɗin reshe ko ka ƙara ta a jeri. Ka kuma tabbatar babu lambar da ta fito sau biyu a jerin Kaya, saboda haɗin zai ninka kowace sayarwa ta wannan kaya.

Mataki na ƙarshe a nan shi ne wanda yake raba allo mai sauri da mai nauyi. Kada ka danna Fermer et charger kai tsaye, domin zai zube dukkan layukan a shafi. Zaɓi Fermer et charger dans, sannan Ne créer que la connexion, ka kuma sa alama a Ajouter ces données au modèle de données. Bayanan za su zauna a matse a cikin fayil ɗin ba tare da sun bayyana a shafi ba, kuma iyakar layukan shafi ba ta shafe su. Idan sun gama shiga, duba gefen dama inda aka rubuta adadin layukan da aka ɗauko, ka ga ko an ambaci kurakurai. Wannan dubawa ta zama dole, saboda abin da Power Query yake nunawa lokacin gyara layuka 1,000 ne na farko, kuma kuskure yana iya kwanciya a layi na dubu hamsin.

Wanda ba shi da Power Query, ko yake aiki da LibreOffice Calc, zai iya bin tsohuwar hanya ta tara komai a shafi ɗaya, amma ya ware fayil ɗaya ga kowace shekara, kuma da zarar ya lissafa Kudi da Riba ya mayar da su lambobi tsantsa domin kada dabarun su yi ta sake lissafa kansu.

Mataki na 4: Teburan taƙaitawa

Buɗe shafi mai suna Lissafi, inda teburan za su zauna nesa da idon mai kallo. A Insertion, Tableau croisé dynamique, zaɓi a ɗauko daga modèle de données. Yi tebur ɗaya ga kowace tambaya, ka bar fili mai yawa a tsakaninsu domin suna faɗaɗa idan bayanai suka ƙaru. Na farko: Wata a layuka, Shekara a ginshiƙai, Kudi a tsakiya. Na biyu: sunan kaya da Kudi. Na uku: Reshe da Kudi. Na huɗu: Reshe a layuka, Biya a ginshiƙai. Idan ka ja Kudi ka ga an rubuta Nombre de Kudi maimakon Somme de Kudi, ginshiƙin rubutu ne, sai ka koma Power Query ka gyara nau'insa.

Kason riba yana da tarko. A ce an sayar da shinkafa ta sefa 8,000,000 aka ci ribar 400,000, wato kashi 5 cikin ɗari, aka kuma sayar da sabulu na 500,000 aka ci 75,000, wato kashi 15. Wanda ya haɗa 5 da 15 ya raba biyu zai gaya wa mai dukiya cewa ribarsa kashi 10 ce. Gaskiyar ita ce 475,000 a cikin 8,500,000, wato kusan kashi 5.6. Saboda haka ana tara riba gaba ɗaya, a tara kuɗi gaba ɗaya, sannan a raba. A jerin filayen tebur, danna sunan Sayarwa da maɓallin dama, ka zaɓi Ajouter une mesure, ka sa masa suna KasonRiba, ka rubuta:

```
=DIVIDE(SUM(Sayarwa[Riba]); SUM(Sayarwa[Kudi]))
```

Idan kwamfutarka da tsarin Ingilishi take, waƙafi za ka sa a tsakiya. Haka kuma kada ka tara Yawa na kaya mabambanta, domin buhu 40 da katan 15 da jarka 20 ba su zama 75 na komai ba. Kuɗi ne kawai ma'aunin da ya haɗa su.

Mataki na 5: Zaɓen zane

Danna cikin kowane tebur ka zaɓi Graphique croisé dynamique. Irin zanen da za ka ɗauka ya danganta da irin tambayar.

Tambayar da ta shafi tafiyar lokaci zanen layi take so, wanda Excel yake kira Courbes. Watanni goma sha biyu a kwance, layi ɗaya na bara da launin toka, layi ɗaya na bana da launi mai ƙarfi, sai ido ya ga tazarar da ke tsakaninsu nan take. Na fi son kwatanta wata da takwaransa na bara a kan kwatanta shi da watan da ya gabace shi, saboda cinikinmu yana bin damina da kaka da rani. Sai dai a tuna cewa azumi da salla suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 azumi ya kama a mako na biyu na Maris, a 2025 kuma a farkon Maris, don haka sarin sukari da mai da ƴan kiri suke yi gab da azumi ya fi faɗawa Fabrairu a 2025. Wanda ya kalli layin kawai zai ce Fabrairu ta yi albarka Maris kuma ta lalace, alhali cinikin wuri ya canza. Ɗan rubutu a ƙasan zane mai nuna ranar da azumi ya kama ya isa ya hana wannan fahimta. Haka ma watan da bai ƙare ba kullum yana fitowa kamar ciniki ya faɗi, shi ya sa ya kamata a rubuta a sarari ranar da bayanai suka tsaya. Ban ba da shawarar layin rana-rana ba, domin ranar kasuwa tana harba shi sama duk mako, hawa da saukar su rufe ainihin alƙiblar cinikin.

Tambayar kaya kwatanci ce tsakanin abubuwa masu dogon suna, don haka sanduna a kwance, wato Barres, su suka dace, saboda sunayen suna karantuwa ba tare da an karkatar da kai ba. Kada ka nuna kaya ɗari biyu. A teburin, bi Filtres s'appliquant aux valeurs, 10 premiers, ka bar goma na sama, sannan ka jera teburin daga ƙarami zuwa babba, domin wannan zane yana juya jeri, na ƙasan tebur shi yake hawa sama. Idan akwai wuri, sa ɗan tebur a gefensa mai nuna kason ribar waɗannan kaya goma, domin sau da yawa kayan da ya fi kawo kuɗi ba shi ya fi barin riba ba.

Rassa uku sanduna a tsaye sun ishe su, wato Histogramme. Abin lura a nan shi ne ma'aunin gefe ya fara daga sifiri. Idan Ƙonni ta yi miliyan 9.5, Madawa ta yi miliyan 9, Excel kuma ya fara ma'auni daga miliyan 8.5, sandar Ƙonni za ta ninka ta Madawa tsawo, alhali bambancin bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Irin wannan zane yana iya jawo wa mai kula da reshe faɗan da bai cancanta ba. Danna ma'aunin sau biyu ka sa Minimum ya zama 0, sannan a Unités d'affichage ka zaɓi Millions domin a rage tarin sifirai.

Tambayar bashi kuma sanduna masu hawa biyu take so, Histogramme empilé, kowane reshe sanda ɗaya, kuɗin hannu a ƙasa, bashi a sama da launin da yake jan ido. A sani cewa wannan yana nuna cinikin da ya fita bashi ne, bai nuna abin da ya rage ba a biya ba. Wannan sai an kawo littafin biyan bashi, kuma aiki ne na daban.

Zanen da'ira mai yanka-yanka yana da farin jini, amma ido bai iya auna yanka biyu masu kusan girma ɗaya, kuma da sun wuce uku sai a koma karanta lambobi. Ni ba na sa shi sai idan kashi biyu ne ko uku na abu guda. Zane mai kauri irin na 3D kuwa a guje shi gaba ɗaya, domin yana ƙara wa abin da ke gaba girma.

Mataki na 6: Jera allon

Buɗe shafi mai suna Allo, ka cire alamar Quadrillage a Affichage, ka yanko zanukan daga Lissafi ka liƙa a nan. A can sama ka sa manyan lambobi huɗu: jimillar ciniki, riba, kason riba, da ranar ƙarshe da bayanai suka kai. Domin samun su, yi ƙaramin tebur na biyar a Lissafi mai ɗauke da waɗannan jimilloli, tare da ma'auni mai dabarar =MAX(Sayarwa[Rana]) wanda aka ba siffar kwanan wata, sannan a Allo ka rubuta alamar = ka danna lambar da kake so a teburin, Excel zai rubuta sauran da kansa. Zanen layi ya zauna a ƙasansu ya ɗauki faɗin allo, sauran ukun su jeru a ƙasa, komai ya shiga fuska ɗaya ba sai an gangara ba. Kowane zane a ba shi take da Hausa mai faɗin abin da yake nunawa, kamar Ciniki wata-wata, bana da bara, a kuma ɓoye maɓallan toka da ke jikinsa. Launi biyu ko uku sun isa, kuma idan reshe ya sami launi a zane ɗaya ya riƙe shi a ko'ina.

Sai maɓallan tacewa, waɗanda Excel yake kira Segment. Saka ɗaya na Reshe, ɗaya na Shekara, ɗaya na Wata. Kowanne yana fara aiki ne da tebur ɗaya kawai, don haka ka danna shi da maɓallin dama, ka shiga Connexions de rapport, ka sa alama a teburan da kake so ya juya. Wanda ya manta wannan zai ga ya zaɓi Madawa, zane ɗaya ya canza, sauran suna nan da jimillar kowa, kuma mai kallo ba zai gane ba. Amma kada ka haɗa na Shekara da na Wata da zanen layi, domin aikinsa shi ne nuna shekaru biyu cikakku, kuma kada ka haɗa na Reshe da zanen da yake kwatanta rassa.

Mataki na 7: Gwaji, da aikin kowane wata

Kada ka nuna wa mai dukiya allon sai ka gwada shi da littafi. Ɗauki rana uku a reshe ɗaya, ka fitar da jimillarsu a wani tebur na gwaji, ka kwatanta da abin da mai ajiyar kuɗi ya rubuta. Yadda lambar ta kauce yakan nuna inda ciwon yake: idan ta ninka biyu cif, akwai layin jimilla a fayil, ko fayil ɗin ya shiga folda sau biyu da suna daban, idan kuma ta ɗara kawai, wataƙila lamba ta maimaitu a jerin Kaya. Idan ta gaza, nemi layin da aka rubuta da dala ko wanda ya faɗa wani wata. Tebur mai Source.Name a layuka da adadin layukan kowane fayil zai tona fayil ɗin da aka maimaita, ya kuma nuna watan da wani reshe bai aiko ba. Ka guji gyara wannan da Supprimer les doublons, domin mutum biyu suna iya sayen buhu ɗaya na kaya ɗaya a rana ɗaya, layukansu su zo iri ɗaya, kuma dukansu gaskiya ne.

Daga nan aikin wata ya zama kaɗan: karɓi fayiloli uku, ka buɗe kowanne ka duba kan ginshiƙansa, ka rufe, ka jefa su a folda, ka danna Actualiser tout a Données, ko Ctrl+Alt+F5. Wannan ba ya bukatar intanet. Ajiye fayil ɗin da zarar ya gama, saboda ɗaukewar wuta, ka kuma riƙe kwafin foldar bayanai a wani wuri dabam. Idan aka canza kwamfuta ko aka matsar da folda, sabuntawa za ta ƙi, sai ka buɗe Power Query ka gyara adireshin a matakin farko mai suna Source. Mai dukiya kuwa, idan a waya yake son gani, ka aika masa hoton allon ko PDF ta WhatsApp bayan kowace sabuntawa, domin Excel na waya ba ya iya zuwa foldar da ke kwamfutarka, kuma fayil ɗin kansa yana ɗauke da kuɗin sari da ribar kowane kaya, waɗanda bai kamata su yi yawo a wayoyin mutane ba.